Mai saye ya nuna mini ish'ari bayan ya biya ta QR, ta yaya zan san kuɗin sun shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Gadarif da ke Sudan, na manna lambar QR a kan kanta, yawancin masu saye ta nan suke biya. Sau da yawa mutum zai nuna mini ish'ari, wato shaidar biya ta manhajar banki, a wayarsa cewa kuɗi sun tafi, ni kuwa ban ga komai a tawa ba. Wani ya yi fushi in na ce ya jira, wani kuma in sake shi da kaya sai da yamma in ga lissafi bai cika ba. Me zan duba a wajena, me zan duba a wajensa, kafin in miƙa kaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Shaidar cewa an biya ka guda ɗaya ce, kuma a cikin asusunka take: layin da ya nuna kuɗin sun shigo, a jerin mu'amalolin da manhajar bankinka ta nuna maka a wayarka. Abin da ke wayar mai saye yana da amfani ƙwarai, amma amfaninsa shi ne ya taimake ka ka gano wane layi ne nasa a cikin jerinka, ko kuma ya nuna inda kuɗin suka nufa idan ba su zo gare ka ba. Shi kaɗai bai isa a miƙa kaya ba, ko da mutumin mai gaskiya ne.

Dalili kuwa yana cikin yadda lambar QR take. Takardar da ka manna a kanta ba ta karɓar kuɗi, ba ta kuma san ko an biya ko ba a biya ba. Kamar sunan da ka rubuta a saman ƙofar shago take, tana nuna wa za a biya ne kawai. Idan mai saye ya ɗora kyamara a kanta, manhajarsa za ta karanto bayanin asusunka ta nuna masa suna, shi ne zai buga adadin kuɗin da hannunsa, ya sa lambar sirri, sannan umarni ya tafi banki. Bankin ne ke cirewa daga asusunsa ya zuba a naka. Akwai wata irin lambar da ake fitarwa sabuwa ga kowane ciniki, adadin kuɗin yana cikinta, amma wadda aka buga a takarda aka manna ba ta ɗauke da adadi. Saboda haka a kantarka wurare uku ne abu kan karkace: sunan da ya fito, adadin da aka buga, da kuma isar umarnin banki.

Fara da wajenka. Buɗe manhajar da kanka, ka shiga da lambar sirrinka, ka je jerin mu'amalolin da suka gabata. Kada ka tsaya a shafin da ka buɗe tun da safe, domin abin da ke kansa tsohon labari ne. Fita ka sake shiga don ya ɗauko sabo daga banki. A sabon layin da ya shigo abubuwa huɗu kake nema: lambar mu'amala, adadin kuɗi, rana da lokaci, da asusun da kuɗin suka fito. A ish'arin Bankak na Bankin Khartoum, wanda shi ne aka fi gani a kasuwanninmu, lambar mu'amalar ita ce aka rubuta wa رقم العملية, adadin kuma المبلغ. Sauran manhajoji irin su Fawry na Bankin Faisal da O-Cash na Bankin Omdurman su ma suna ba kowace mu'amala lambarta, ko da tsarin shafin ya bambanta.

A cikin huɗun nan lambar mu'amala ce mai nauyi. Adadi yakan maimaitu, mutum biyar za su iya biyan fam 20,000 a yini ɗaya. Lokaci yakan yi kusa da juna idan kasuwa ta cika. Lambar mu'amala kuwa banki ne ke bayar da ita, mu'amala ɗaya lamba ɗaya. Idan kai da mai saye bankinku ɗaya ne, lambar da ke wajensa ita ya kamata ka gani a wajenka. Ba sai ka karanta ta duka ba a lokacin cunkoso, lambobi huɗu ko biyar na ƙarshe sun wadatar, muddin adadi da lokaci su ma sun dace. Idan bankunan daban ne, kowanne yana iya sa wa mu'amalar tasa lambar, sai ka dogara da adadi, minti da asusun mai turowa tare.

Sai wajen mai saye. A nan ne aka fi samun matsala, domin abin da aka saba nunawa hoton ish'ari ne, shi kuwa hoto hoto ne. Ana iya gyara adadi a kansa, a canja kwanan wata, a ɗauko na makon jiya a nuna yau, har akwai manhajojin bogi da ke fitar da shafi mai kama da na banki sak. Abin da za ka roƙa shi ne ya rufe hoton, ya buɗe manhajar bankinsa a gabanka, ya shiga jerin mu'amalolinsa, ya taɓa ta ƙarshe ta buɗe. Ba ka buƙatar riƙe wayarsa, ba ka buƙatar ganin abin da ya rage masa a asusu, kuma ka kau da kai lokacin da yake buga lambar sirri. Ka ce masa, "Malam, don Allah buɗe mini daga ciki mu gani tare, sabis ne yake wasa da mu." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan idan an faɗa da ladabi, domin shi ma kuɗinsa yake son sanin inda suke. A can za ka duba sunan wanda aka tura wa da lambar asusunsa, ka ga naka ne ko ba naka ba, sannan adadi, lokaci da lambar mu'amala. Ko wannan ya yi kyau, ka tuna manhajar bogi ma tana iya nuna jeri, don haka hukunci yana komawa kan wayarka.

Bari mu bi ciniki ɗaya daki-daki. A ce ka buɗe shago da fam 412,500 a asusu. Da hantsi wani ya biya 35,000, da ƙarfe 11:40 wata Hajiya ta biya 86,000, da azahar kai kuma ka tura wa mai kawo maka sukari 120,000. Abin da ya kamata ya rage shi ne 413,500. Da la'asar, ƙarfe 4:12, wani ya ɗauki mai da fulawa da shinkafa na 86,000, ya ɗora waya a kan QR, ya juyo maka da ita ka ga alamar nasara. Yaron shago ya leƙa jerinka, ya hango 86,000, ya ce sun shigo.

Ba su shigo ba. Wancan layin na Hajiya ne, na ƙarfe 11:40, lambarsa daban, asusun da ya fito daban. Idan da kuɗin la'asar sun shigo cikakku, asusunka zai nuna 499,500. Ka sake shiga manhaja sai ka ga 422,100, kuma a saman jeri akwai sabon layi na ƙarfe 4:12 mai fam 8,600. Giɓin 77,400 ne. Akwai dabarar da masu lissafi ke yi a nan: raba giɓin gida tara. 77,400 a raba tara ya ba da 8,600 daidai, wato adadin da ya shigo. Duk lokacin da hakan ya faru, sifili ɗaya ne ya faɗi wajen bugawa. Haka ma idan an juya lambobi biyu, an buga 68,000 maimakon 86,000, giɓin 18,000 ne, shi ma tara tana raba shi ba saura. Wannan dabarar ta fi amfani da dare, lokacin da kake neman inda lissafin yini ya ɓace ba ka san daga wane ciniki ba ne.

Yanzu sai a koma wayar mai saye. Ya buɗe jerinsa, lambar mu'amala ɗaya ce da taka, adadin 8,600.00. Kuskure ne na yatsa, kuma ido yakan ruɗe da sifilan da ke bayan ɗigo, 8,600.00 da 86,000.00 suna kama da juna a ƙaramin allo cikin hasken rana. Gyaransa mai sauƙi ne: ya turo cikon 77,400 a sabuwar mu'amala, ka rubuta lambobin biyu a gaban ciniki ɗaya a littafi. Amma da hoton da ya nuna maka yana cewa 86,000 alhali lambar mu'amalar da ke kansa ita ce ta layin 8,600 a wajenka, to an taɓa hoton, domin banki ba ya ba lamba ɗaya adadi biyu. A nan ba sai an yi hayaniya ba. Kayan suna nan a kanta har sai ciko ya shigo.

Matsalar sifili tana da yawa a Sudan saboda yadda muke faɗin kuɗi. A 1992 dinari ya maye gurbin tsohon fam, dinari ɗaya fam goma, a 2007 kuma sabon fam ya zo a kan dinari ɗari. Fam ɗaya na yanzu ya zama dubu na da, kuma har yau baki bai daina tsohon lissafi ba, mutum zai ce miliyan yana nufin dubu, ya ce biliyan yana nufin miliyan. Idan ka faɗi farashi da baki, mai saye ya juya shi a kansa kafin ya buga, to ƙofar kuskure a buɗe take. Rubuta masa adadin a takarda ko ka nuna masa a kalkuleta, ya kwafa daga nan.

Sai halin da ya fi wahala, wanda ka ce mutane na fushi a kansa: jerinsa na gaskiya ya nuna an cire kuɗi, sunan naka ne, adadi daidai, amma jerinka shiru. Kafin komai, tabbatar wayarka na magana da banki. Idan manhajar ta ƙi buɗewa ko ta tsaya tana juyi, ba ka ga jerin ba tukuna, balle ka ce babu. Canja layi, daga Zain zuwa Sudani ko MTN, ko ka roƙi maƙwabcin shago ya ba ka intanet na minti biyu. Idan jerin ya buɗe sabo kuma ba su nan, duba ko QR ɗinka yana zuba kuɗi a asusun da kake kallo. Wanda yake da asusu biyu, na kansa da na shago, yakan nema a inda ba nan aka tura ba. Wasu bankunan kuma idan sun yi wa ɗan kasuwa rajista suna nuna kuɗin QR a wani shafi na dabam, daga baya su haɗa su zuba a asusu, wani lokaci bayan cire ladansu. Wannan tambaya ce da za ka yi wa reshen bankinka sau ɗaya ka huta: kuɗin QR ina suke sauka, yaushe, kuma cikakku ko an rage wani abu.

Idan duk wannan ya wuce kuma ba su bayyana ba, sai a duba ko banki ɗaya kuke. A cikin banki ɗaya cirewa da zubawa a littafi guda ake rubuta su, don haka yawanci tare suke faruwa, kuma idan an cire masa da gaske zai yi wuya a daɗe ba ka gani ba. Tsakanin bankuna biyu kuwa akwai mai shiga tsakani. Bankinsa zai cire, ya aika saƙo, ya jira amsar bankinka. Idan amsar ba ta dawo a kan lokaci ba, kuɗin sun bar asusunsa amma ba su sauka a naka ba, kuma ƙarshensu ɗayan biyu ne: ko su ƙarasa gare ka, ko su koma masa. Kai da shi ba wanda ya san wanne ne a wannan lokacin, shi ya sa bai kamata ka saki kaya masu tsada a kan wannan ba, bai kuma kamata ka matsa masa ya sake biya nan take ba. Idan ya sake biya sannan na farkon suka iso, ka ci kuɗinsa sau biyu ba da niyya ba.

Abin da ya dace shi ne ku rubuta. Lambar mu'amala, adadi, lokaci, sunansa da lambar wayarsa, da jerin kayan da ya ɗauka, a littafin shago, shi ma ya ɗauki hoton shafin. A ware masa kayansa gefe. Idan mutum ne da ka sani, ɗan unguwa ko abokin ciniki na shekaru, kana iya ba shi kayan, amma ka rubuta shi a shafin bashi har sai layin ya bayyana, don kada da dare ka lissafa shi cikin kuɗin da suka shigo. Idan kuwa yana sauri kuma ya zaɓi ya sake biya da kansa, ku rubuta lambobin biyu, ku yi alkawari a rubuce cewa in na farkon ya iso za ka mayar.

Akwai kuma wanda manhajarsa ta katse a tsakiyar biya, ba ta ce an yi ba, ba ta ce ba a yi ba. Mutane sukan danna sau biyu ko uku a nan. Ka hana shi. Ya fita ya duba jerinsa tukuna, domin sau da yawa umarnin ya riga ya isa banki, amsar ce kawai ba ta dawo wayarsa ba. Idan babu sabon layi a jerinsa, babu a naka, kuma kuɗin asusunsa ba su ragu ba, to ba a biya ba, sai ya sake.

Idan ka duba jerinsa ka ga an cire kuɗi amma sunan wanda aka tura wa ba naka ba ne, je ka kalli takardar QR ɗinka da kyau. Ana manna wata lambar a kan ta gaskiya, musamman idan takardar tana waje inda ido ba ya kanta. Shafa ta da yatsa ka ji ko akwai kauri ko gefen da ya ɗago. Ka sa al'ada kowace safiya ka ɗora wata waya a kanta ka ga sunan da zai fito, ba sai ka tura komai ba. Rubuta sunan asusunka da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin lambar, ka kuma riƙa tambayar mai saye wane suna ya fito masa kafin ya sa lambar sirri. Wannan tambayar ta daƙiƙa biyu ta fi duk binciken da za a yi bayan kuɗi sun tafi, domin dawo da kuɗin da suka shiga asusun wani aiki ne na banki da hukuma, kuma yana cin lokaci.

Saƙon tes da ke shigowa waya cewa an zuba maka kuɗi, kada ka ɗauke shi hujja, kada kuma rashinsa ya tayar maka da hankali. Yakan makara ko ya ƙi zuwa alhali kuɗi sun shiga, kuma kowa na iya rubuta irinsa ya turo maka. Haka ish'arin da aka turo ta WhatsApp, wanda ya yawaita tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, ɗa yana Jidda ko Makka yana biya wa iyayensa kayan abinci a Gadarif. A irin wannan ka lura agogon Saudiyya yana gaban na Sudan da awa ɗaya, don haka lokacin da ke saman hoton wayarsa zai iya saɓa wa naka. Lokacin da ke rubuce cikin mu'amalar da lambarta za ka bi.

Abu ɗaya da ke rufe ƙofar tsohon ish'ari shi ne littafi. Duk cinikin QR, rubuta lambobi biyar na ƙarshen mu'amalar a gabansa. Wanda ya dawo da ish'arin da aka riga aka karɓi kaya da shi, ko ya tura wa ɗan'uwansa ya zo da shi, za ka tarar da lambar a rubuce. Da dare ka bi jerin banki layi-layi kana yi wa littafi alama: kuɗin safe, a tara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ya yi daidai da abin da manhaja ke nunawa. Idan yaro ne ke tsaron shago kai kana wani wuri, kada ka ba shi lambar sirrinka don ya riƙa dubawa, domin wanda ya iya dubawa ya iya turawa. Ya kira ka ko ya turo maka adadi da ƙarshen lambar, kai ka duba ka ce masa ya saki kaya.

Mayar da kuɗi kuma yana da ƙa'idarsa. Idan wani ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, a ce 186,000 maimakon 86,000, yana son ka ba shi 100,000 a hannu, fara ganin 186,000 ɗin a jerinka da idonka. Idan suna nan, mayar da rarar ta manhaja zuwa asusun da suka fito, ka rubuta lambar mu'amalar farko a wurin sharhi. Kada ka miƙa tsaba, kada ka tura wa wani asusun da ya karanto maka, domin idan kuɗin daga asusun da aka sace suka fito, mai asusun zai biyo sawu ya tarar da sunanka, kai kuma ba ka da shaidar inda ka kai rarar.

Idan yini ya wuce, kuɗin ba su zo maka ba kuma ba su koma masa ba, mai saye ne zai fara kai ƙorafi bankinsa, tunda daga asusunsa aka cire. Ya tafi da lambar mu'amala, rana, lokaci, adadi da lambar asusunka, ya karɓi lambar ƙorafi. Kai kuma ka nemi kashfin hisabi, wato takardar shige da ficen asusunka, daga ranar cinikin zuwa ranar da kake nema, domin kuɗin da suka makale suna iya sauka da kwanan watan da ya biyo baya. Idan banki ya ce masa sun isa gare ka, ya karɓo lambar da aka zuba su da ita, ka neme ta a cikin kashfinka.